Nawa Ne Ɗinkin? Lissafin Riga da Wando a Shagon Tela

Ana saura mako uku Ƙaramar Sallah na kai yadi wurin telana a Fagge, sai na tarar da shi yana ciniki da wani dattijo. Dattijon ya ajiye yadinsa a kan teburin yanka, ya ce riga da wando yake so, da ɗan aiki a wuya.

"Alhaji, dubu goma sha biyar ne," in ji telan.

"Haba Malam! Bara fa dubu takwas ka yi mini. Zare ne ya koma zinare?"

Aka ja, aka ja, aka tsaya a dubu goma. Alhaji ya fita yana ganin an ɗan cuce shi, tela kuma ya rubuta awo yana tsaki ƙasa-ƙasa. Na tambaye shi yadda aka yi ya samo dubu goma sha biyar ɗin tun farko. Ya yi dariya ya ce haka maƙwabcinsa yake karɓa. Shi maƙwabcin fa? Shi ma wani ya ji.

Haka kuɗin ɗinki yake tafiya a yawancin shagunanmu. Tela yana duban na kusa da shi, ya dubi tsadar yadin da aka kawo, ya dubi takalmin mai kayan, sannan ya yanka. Mai kaya kuma yana riƙe da farashin bara a kansa. Cikinsu babu mai alƙalami a hannu, shi ya sa cinikin yake ƙarewa kowa na jin haushi. Alhali lissafin ba wuya ne da shi ba. Ranar da na zauna da telan nan bayan Sallah, takardar bayan littafin awo ta ishe mu. Lambobin da zan kawo na misali ne, an daidaita su don lissafi ya fita sarai, domin farashin kasuwa ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Kowa ya cire su ya sa nasa.

Mun fara da abin da ido ke gani, wato kayan haɗi. Ko da mai kaya ne ya zo da yadinsa, akwai abubuwan da ke fita daga aljihun tela su bi rigar gida: zare, gam ɗin da ake mannawa a wuya da bakin hannu don su tsaya, maɓallai, zif ko robar ƙugun wando, da ledar da za a sa kayan. Mu ƙaddara zare naira 300, gam 700, maɓallai 800, zif da roba 400, leda 300. Sun tashi 2,500. Sai aikin wuya. Yawancin teloli ba su da keken aiki, kai wa suke yi wurin masu shi, su biya. Mu ce 3,000. Ke nan tun kafin a taka keke, naira 5,500 sun riga sun tafi. Teloli ba su cika mantuwa da wannan ɓangaren ba, tunda kuɗi ne da suke ƙirgawa da hannunsu su miƙa.

Wanda ake mantawa shi ne kuɗin da shago yake ci ko an yi ɗinki ko ba a yi ba. Hayar shago sau ɗaya ake biya a shekara, don haka idan an biya sai a manta da ita har wata goma sha ɗaya, sannan hankali ya tashi. Idan hayar 240,000 ce, to kowane wata tana cin 20,000. Kuɗin wuta da man janareto mu sa 35,000. Allura, man keke da kiran mai gyara, 5,000. Kuɗin maigadi, na shara da ɗan harajin ƙaramar hukuma, 4,000. Katin waya da kuɗin mota zuwa kasuwa, 10,000. Akwai kuma guda ɗaya da telana bai taɓa tunaninsa ba: keken kansa yana tsufa. Idan keke da dutsen guga da janareto sun ci 360,000, kuma ana sa ran za su yi shekara biyar, to kowane wata suna raguwa da 6,000. Wanda bai ware wannan ba, ranar da janareto ya buga sai ya nemi bashi ko ya jira kwasar adashi. Duka aka haɗa, shagon yana cin 80,000 a wata.

Wannan ɓangaren ne ya fi motsawa a 'yan shekarun nan, kuma shi ne amsar tambayar Alhaji. Zare bai koma zinare ba. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi, daga allura zuwa shadda, ya bi dala. A watan Afrilun 2024 kuma masu shan wutar layin da ake kira Band A suka wayi gari kuɗinsu ya ninka fiye da sau uku. Telan da bai taɓa farashinsa ba a tsakanin nan, ko ya sani ko bai sani ba, daga ladansa yake cike giɓin.

To, ladan nasa nawa ne? A nan muka daɗe. Na ce masa ya ɗauka shagon ba nasa ba ne, wani ne ya ɗauke shi aiki. Nawa zai yarda a biya shi a wata, da gwanintar shekara goma sha biyar a hannunsa, ga iyali? Ya yi shiru, ya ce 180,000. Ba a ɗauko wannan adadi daga sama ba: mutum ya dubi cefanen gidansa, kuɗin makarantar yara da hayar gida, ya kuma dubi abin da ake biyan mai haɗa kaya a manyan shaguna. Idan aka haɗa da 80,000 na shago, dole hannun telan nan ya samar da 260,000 a wata, ban da kayan haɗi.

Yanzu sai a raba wannan kuɗi a kan awoyin aiki, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa yake karyewa. Telana yana buɗe shago ƙarfe tara na safe, ya rufe bakwai na yamma, kwana 26 a wata. Awa goma a rana, awa 260 a wata. Idan aka raba 260,000 a kan 260, awa ɗaya ta kama naira 1,000. Lissafi ya yi kyau a takarda, amma ƙarya ce. Na roƙe shi ya yi mako guda yana rubuta lokacin da hannunsa yake kan kayan wani da gaske. Aka cire salloli da cin abinci. Aka cire zuwa Kantin Kwari neman maɓallin da ya dace, da kai aiki wurin mai keken aiki da komawa karɓowa. Aka cire jiran wuta, da gyaran zaren da ya harɗe a ƙasan keke, da duba abin da yara masu koyo suka ɓata, da wanda zai shigo ya yi rabin awa yana duba hotunan ɗinki a waya ya fita bai ba da komai ba. Abin da ya rage bai wuce awa biyar a rana ba. Awa 130 ke nan a wata, kuma su kaɗai ne ake iya sayarwa. Idan aka raba 260,000 a kan 130, kowace awa ta tashi naira 2,000, ninkin abin da lissafin farko ya bayar.

Sai mu koma kan rigar Alhaji. Awo da jin irin ɗinkin da yake so, minti 15. Shimfiɗa yadi, zana da alli da yankawa, minti 45. Haɗa riga da aljihunta, awa ɗaya da rabi. Wando, minti 45. Manna gam, huda maɓalli, yanke zare da guga, wasu minti 45. Awa huɗu cif. A naira 2,000 kowace awa, 8,000 ke nan. A ɗora a kan 5,500 na kayan haɗi da aikin wuya, ya zama 13,500. Wannan ba riba a ciki, tela ya dai biya shago ya biya kansa. Idan ya ɗora kashi goma cikin ɗari don shagon ya samu abin ajiyewa, farashi ya kai 14,850. Ashe dubu goma sha biyar ɗin da ya faɗa da ka ba ta yi nisa da gaskiya ba. Matsalarsa ita ce bai san dalilinta ba, shi ya sa da Alhaji ya matsa sai ya sauka.

Mu dubi abin da saukar ta jawo. Daga 10,000 a cire 5,500, saura 4,500. Rabon shago na awa huɗu ya kai wajen 2,460. Abin da ya rage wa tela bai wuce 2,040 ba, wato naira 510 a awa. Idan haka zai yi ta ɗinki duk wata, zai tashi da kimanin 66,000, ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Ga shago cike da kaya har rufi, ga keke ba ya hutawa, amma maigidan shagon bai kai masinja a ofis ba. Alamar da ake gane wannan ciwo ke nan: aiki ya yi yawa, kuɗi na shiga kullum, amma lokacin haya sai an ci bashi, kuma kafin alƙalamin wannan ne ake sayen maɓallin wancan.

Akwai al'adar da nake ganin ba ta da tushe, duk da ta zama ruwan dare: auna kuɗin ɗinki da tsadar yadi. Mai yadin dubu talatin a ce masa dubu goma, mai shadda Gezna ta dubu ɗari da hamsin a ce masa dubu talatin, alhali ɗinki iri ɗaya ne, awa huɗun nan ce dai. Masu kaya sun gane wannan, shi ya sa wasu ke fara tambayar farashi kafin su buɗe leda. Sai dai teloli suna da 'yar hujja, kuma ya kamata a ba su ita daidai gwargwadonta. Almakashi ba ya komawa baya. Idan tela ya yi kuskuren yanka ko dutsen guga ya ƙona gaban riga, shi zai biya. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin a fiƙihun Malikiyya, har a Risala da ake karantawa a zaurukanmu, mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa a hannunsa. To nawa ne kuɗin wannan kasada? Mu ce a cikin ɗinki ɗari, ɗaya ne ke lalacewa har a biya. Ke nan kowane ɗinki ya ɗauki kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin yadinsa: naira 300 a yadin dubu talatin, naira 1,500 a shaddar dubu ɗari da hamsin. Idan kuma shaddar na buƙatar a bi ta a hankali, a sa ƙyalle a ƙarƙashin dutsen guga don kada shaiƙinta ya mutu, a ƙara rabin awa ko awa guda a lissafi. Bambancin gaskiya bai wuce dubu uku ko huɗu ba. Abin da ya haura haka, ba kuɗin aiki ba ne, kuɗin ganin ido ne.

Wani lokaci tela ne ke sayo yadin, mai kaya ya zo ya karɓi kaya a ɗinke. A nan abu biyu ke ɓata lissafi. Na farko yawan yadin. Riga da wando na babban mutum kan ci yadi huɗu zuwa biyar, babbar riga da 'yar ciki da wando kuma wajen goma, amma faɗin yadi ba ɗaya ba ne. Akwai mai faɗin inci 45, akwai mai 58 ko 60, kuma abin da yadi huɗu na mai faɗi zai fitar, na ƙunci ba zai fitar ba. Yadi mai ratsi ko mai zane da dole a daidaita shi a kafaɗa da aljihu yana cin ƙari. Abin da aka sayo ake lissafawa, har da ƙyallen da ya zube ƙasa, ba abin da ya hau jiki kaɗai ba.

Na biyu ya fi cizo. Tela ya sayo bandir lokacin da yadi ɗaya yake 6,000, bayan wata uku ya koma 7,500 a Kwari. Idan ya yanki yadi biyar ya lissafa su a farashin da, zai karɓi 30,000, ya je kasuwa ya tarar yadi huɗu kawai za su saya masa. Bai yi asara a takarda ba, amma yadi ɗaya ya ɓace daga jarinsa. A yi haka sau biyar, an cinye rigar mutum guda. Farashin da za a mayar da yadin yau shi ake sawa, a ɗora kuɗin motar da aka sayo shi da ɗan abin wahala. Idan kuma farashi ya sauka, adalci ya ce a sauka tare da shi.

Ɗinkin mata ma hanyar ɗaya ce, illa dai awoyin ne ke bambanta ƙwarai. Turmin atamfa yadi shida ne ko'ina, amma riga da zane marar ado da doguwar riga mai shafi a ciki, da tattara, da duwatsun da ake mannawa ɗaya bayan ɗaya, ba za su zauna a farashi ɗaya ba. Matan da ke ɗinki a cikin gida su ne suka fi cutar kansu, domin suna ganin ba su biyan haya, ba su kuma ƙirga lokacinsu tunda tsakanin girki da raino suke yi. Amma keken yana tsufa, gawayin guga da kuɗi ake saye, kuma awa ɗaya ba ta rage daraja don an yi ta a tsakar gida.

Sai maganar Sallah, inda tela ya fi shan zagi. Ƙarin kuɗi a goman ƙarshe na azumi ba duka ne zalunci ba. Aikin dare da janareto ake yi, masu keken aiki sun ƙara nasu, yaran da suka kwana a shago sai an sallame su. Ban da haka, awa 130 ɗin nan ba kowane wata ake samun masu sayenta ba. Bayan Babbar Sallah akan yi makonni keke na shan ƙura, haya kuma ba ta tsayawa. Telan da ya fi hankali yana yin lissafinsa a kan shekara gaba ɗaya, watannin cika su ɗauki na fako. Lissafin awa yana kuma gaya masa abin da ba ya son ji. Idan saura kwana 20, ko da zai yi awa goma yana ɗinki kullum, awa 200 gare shi, wato riga da wando 50. Wanda ya karɓi 80 ya riga ya yi wa mutum 30 ƙarya tun ranar da ya karɓi kafin alƙalaminsu. Yawancin abin da muke kira alƙawarin tela daga nan yake fitowa: farashi ya yi ƙasa, sai a nemi cikewa da yawan kaya.

Lissafin yana da iyakarsa, kuma gara a faɗe ta. Abin da yake bayarwa shi ne ƙasan farashi, inda idan an sauka an shiga asara. Ba ya tilasta wa kasuwa ta biya. Telan da ke yin awa shida a kan abin da wasu ke gamawa a huɗu ba shi da ikon ɗora wa mai kaya nawarsa. Awoyin gwani na tsaka-tsaki ake ƙirgawa. Idan kuma lissafi ya ce 15,000, unguwar ba mai iya wuce 11,000, to mafita tana cikin rage tsadar aikin: a yanka kaya biyar a zama ɗaya, a sayi maɓalli da gam a sari, a haɗa kai da maƙwabci a kan janareto ɗaya, ko a rage ado. A ɗaya gefen kuma, wanda hannunsa ya yi suna har ana bin layi, ba laifi ya haura lissafin, domin ana sayen yankan da ba kowa ya iya ba. Inda abin ya fi ban tausayi shi ne ɗinkin hannu irin na Zariya, aska biyu ko aska takwas a gaban babbar riga, wanda ke cin makonni, wani har watanni. Idan aka bi shi da awa, kuɗin da zai fito kaɗan ne za su iya biya, ga keken kwamfuta na fitar da mai kama da shi a yini guda. Masu wannan aiki sukan karɓi abin da bai kai wahalarsu ba, dillali ya ci tsakiya.

Ga mai kai ɗinki, tambaya uku sun isa su raba gardama: me ke cikin kuɗin, aikin wuya a ciki yake ko daban, kuma idan kaya bai zauna ba gyara a kan wa yake? A yanke farashi da ranar karɓa kafin almakashi ya taɓa yadi, a rubuta a littafin awo tare da abin da aka bayar. "Sai na zo ma daidaita" ita ce uwar rigima, domin ranar karɓa kowa da adadin da ya ƙudurta a ransa. A kuma yi maganar ragowar yadi tun farko, na mai kaya ne sai in ya yafe.

Da Babbar Sallah ta matso na koma Fagge. Telana ya manna wata takarda a bango kusa da madubi: riga da wando ba aiki, kaza, da aikin wuya, kaza, na gaggawa, ƙarin kaza. Ya ce mutum huɗu ko biyar sun karanta sun kwashe yadinsu sun yi gaba. Na tambaye shi Alhaji fa. Ya ɗaga wata leda daga ƙarƙashin tebur, yadi ruwan toka, an rubuta awo da alli a gefensa.

"Ya zo shekaranjiya. Na buɗe masa littafin na nuna masa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, to Malam, cire mini aikin wuyan."